Me ya sa rubutu ke fita dishi-dishi a bidiyon koyar da kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa neman koyon Excel ko cike wani fom na intanet ta hanyar kallon bidiyo a waya ya san wannan takaici. Muryar malami tana fita tangaran, bayaninsa yana shiga kunne, kibiyar linzami tana ta yawo a allo, amma abin da yake rubutawa ba ya karantuwa. Mai kallo ya kwantar da wayar, ya matso da ita kusa da ido, ya dakatar da bidiyon, ya mayar da shi baya, duk a banza. Data ta tafi, darasi bai shiga ba.

Shi ma malamin asara ya tafka. Ya ɓata yini yana naɗa yana gyarawa, ya kashe kuɗin data ya ɗora, sannan ɗalibai su dawo masa da ƙorafin cewa ba sa ganin komai. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne, a kwamfutarsa bidiyon ras yake fita. Daga nan da yawa sukan ɗora laifin a kan kwamfutar, su fara tanadin kuɗin sayen mai allon 4K, ko kuma su shiga saiti su zaɓi lamba mafi girma a kowane gurbi.

Galibi matsalar ba a nan take ba. Tana cikin girman harafi idan aka gwada shi da girman hoton gaba ɗaya, kuma gyaranta ba ya cin ko sisi.

Tafiyar layi ɗaya daga laftof zuwa waya

A ɗauki misalin malamin da ke son koya wa sauran malamai yadda ake haɗa makin ɗalibai 40 a Excel. Laftof ɗinsa mai inci 15.6 ce, allonta 1920×1080. Ma'anar waɗannan lambobi ita ce hoton allon an gina shi ne da ƙananan ɗigo da ake kira fiksel, guda 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, jimilla ɗigo 2,073,600. Duk harafin da ke allon da waɗannan ɗigo aka zana shi.

Idan malamin bai taɓa komai ba, kuma Windows tana kan 100%, tsayin kowane layi na Excel fiksel 20 ne. A allon laftof ɗin, wanda tsayinsa ya ɗan haura santimita 19, wannan layi ya kai milimita 3.6. Ido yana karanta shi ba tare da wahala ba, shi ya sa malamin ba ya ganin wata matsala.

Ɗalibarsa kuwa a waya mai inci 6.5 za ta kalla. Idan ta kwantar da wayar bidiyon ya cika allo, tsayin hoton bai wuce santimita 6.8 ba. Layin nan mai milimita 3.6 ya koma kusan milimita 1.3. Idan kuma a tsaye ta riƙe wayar, kamar yadda mutane da yawa ke yi, tsayin hoton ya koma santimita 3.8, layin kuma milimita 0.7, wato bai kai kaurin katin ATM ba. Kuma wannan tsayin layin ne gaba ɗaya. Harafin da ke cikinsa ya fi haka ƙanƙanta.

Ba a nan tafiyar ta tsaya ba. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke hannun jama'a allonsu fiksel 720 ne a gajeren ɓangare, don haka ko da bidiyon ya iso da cikakken ingancinsa, sai an matse fiksel 1,080 cikin 720, layin ya koma fiksel 13. Idan sabis ya yi rauni, ko ɗalibar tana tattalin data ta zaɓi 360p a YouTube, layin ya koma ƙasa da fiksel 7. Malamin ya rubuta wannan:

```
=SUM(C2:C41)
```

A fiksel 7, da wuya ido ya bambanta C da G, ko 4 da 9, balle ya gane cewa ɗigo biyu ne tsakanin C2 da C41 ba waƙafi mai ɗigo ba. Ɗalibar da ta kwafi abin da take tsammanin ta gani za ta samu saƙon kuskure, ko kuma abin da ya fi muni, ta samu jimillar da ba daidai ba ta zuba a sakamakon yara.

To a nan ne batun 4K ke rushewa. Allon 4K yana da 3840×2160, ninki huɗu na ɗigon 1080p. A irin wannan allo akan sa Windows a kan 200% domin rubutu ya karantu, sai layin Excel ya zama fiksel 40. Amma 40 cikin 2,160 daidai yake da 20 cikin 1,080. A wayar ɗalibar, layin yana nan a milimita 1.3 ɗinsa. Malamin ya sayi sabuwar kwamfuta, fayil ya ƙara nauyi, ɗaliba ba ta ga canji ba.

Saitin da ke canza komai

Abin da ke ƙara wa harafi girma a cikin hoton shi ne saitin girman abubuwan allo. A Windows 11 yana cikin `Settings > System > Display`, a gurbin `Scale`. A Windows 10 kuma ƙarƙashin `Scale and layout`. Akwai zaɓi irin su 100%, 125%, 150% da 175%.

Wannan saiti ba ya rage yawan ɗigon allo. Allon yana nan a 1920×1080. Abin da yake yi shi ne ya umarci manhajoji su sake zana haruffa da maɓallai da ɗigo masu yawa. A 150%, layin Excel ya tashi daga fiksel 20 zuwa kusan 30, kuma kowane harafi an zana shi sabo, gefensa a tsaftace. Abin da aka rasa shi ne fili: allon zai ɗauki kaya ne daidai da abin da allo mai 1280×720 ke ɗauka, layuka da ginshiƙai kaɗan ne za su bayyana a lokaci guda. Ga mai aikin ofis wannan takura ce. Ga mai koyarwa kuwa riba ce, domin dama ba ya buƙatar layuka 40 a gaban ɗaliba alhali a kan guda biyu yake magana.

Da 150%, layin ya koma milimita 1.9 a wayar da aka kwantar. An samu sauƙi, amma da saura. Sai malamin ya ƙara da zuƙowar da ke cikin Excel ɗin kanta, wadda ke ƙasa ta hannun dama, ya kai ta 150%. Yanzu layin ya kai kimanin fiksel 45, wato milimita 2.8 a waya. Ko a 360p aka kalla, fiksel 15 ne ya rage masa, ninki biyu na abin da yake da shi a farko, kuma ya isa ido ya raba C da G.

Wani zai ce me ya sa ba za a tsaya a zuƙowar Excel kaɗai ba, a ƙyale saitin Windows? Dalili shi ne zuƙowar Excel akwatunan teburi kawai take ƙara wa girma. Ba ta taɓa jerin maɓallan da ke sama, ba ta taɓa akwatin zaɓi da ke fitowa idan an danna dama, kuma ba ta taɓa sandar da ake ganin fomula a cikinta. Waɗannan kuwa su ne wuraren da ɗaliba ke buƙatar gani domin ta san inda za ta danna. Haka abin yake a burauza: `Ctrl` da `+` suna ƙara girman shafin, amma wurin rubuta adireshi yana nan yadda yake. Saboda haka saitin Windows ne ginshiƙi, zuƙowar manhaja ƙari ce a kai.

Akwai ma'auni mai sauƙi da mutum zai iya riƙewa. A raba tsayin allo da tsayin layin rubutu. Da farko 1,080 a raba da 20 ya ba da 54, wato layuka 54 ne za su jeru daga sama zuwa ƙasa. Bayan gyara, 1,080 a raba da 45 ya ba da 24. Idan lissafin ya haura 30 da nisa, to mai kallo a waya zai sha wahala.

Bayan canza `Scale`, ya kamata a rufe manhajar da za a koyar da ita a sake buɗewa. Wasu manhajoji ba sa sake zana kansu nan take, sai Windows ta ja hoton tsohon girman ta faɗaɗa shi, haruffa su yi laushi kamar an shafa musu ruwa. Wasu tsofaffin manhajoji ma ko an sake buɗe su haka suke zama. Alamar ita ce sunan da ke saman tagar yana fita tsaf, amma rubutun cikinta yana dishi-dishi. Idan da irin wannan manhaja za a yi darasi, gara a bar `Scale` a 100% a sauke `Display resolution` zuwa 1280×720, dabarar da za a yi bayaninta nan gaba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a naɗa a 100% da niyyar zuƙowa a lokacin tace bidiyo. Manhajar tace bidiyo ba ta san harafi ba, ɗigo kawai ta sani. Idan aka zuƙo ninki biyu, ta ɗauki yanki mai 960×540 ne ta ja shi ya cika 1920×1080. Harafin ya yi girma, amma da ɗigon da yake da su tun farko, sai dai an baje su. Girman da Windows ta zana kafin naɗa daban yake da girman da aka ja bayan naɗa.

Kada a matse, kada a ja

Manhajar da masu wannan aiki suka fi amfani da ita ita ce OBS Studio, wadda kyauta ce, kuma asalinta tun 2012. A cikin `Settings > Video` akwai gurabe biyu da ke rikita sababbin shiga. `Base (Canvas) Resolution` shi ne girman faifan da ake shimfiɗa hoton allo a kai. `Output (Scaled) Resolution` shi ne girman bidiyon da zai fito. Ga laftof mai 1920×1080, duka biyun su zama 1920×1080, ta yadda kowane ɗigo na allo zai faɗa a kan ɗigo ɗaya na bidiyo.

Ya kamata a duba gurbi na biyun da ido, domin sau da yawa akan tarar da shi a 1280×720 alhali na farkon yana 1920×1080. A wannan hali ana matse ɗigo uku su koma biyu. Ga hoton fuska ko na fili ba a cika lura ba. Ga rubutu kuwa, wanda sandar harafinsa kan zama ɗigo ɗaya ko biyu a kauri, matsewar tana gauraya baƙin harafi da farin takarda su ba da toka-toka. Ana iya rage ɓarnar da zaɓen `Lanczos` ko `Bicubic` a gurbin `Downscale Filter`, amma ragewa ce kawai. Matsewar da ba ta cika yin illa ba ita ce ta ninki cikakke, kamar daga 3840×2160 zuwa 1920×1080, inda kowane ɗigo huɗu suke haɗuwa su zama ɗaya ba tare da ragowa ba.

Haka kuma idan hannu ya ja gefen hoton allon a cikin OBS bisa kuskure, girmansa ya sauya kaɗan, kaifin ya tafi ko da lambobin saiti daidai suke. Danna dama a kansa, a zaɓi `Transform > Reset Transform`, yana mayar da shi asalinsa.

Sai kuma laftof ɗin da ta fi yawa a shagunan kwamfuta da cibiyoyin koyo, tokumbo mai allon 1366×768. Wannan girma bai dace da 720 ba, bai dace da 1,080 ba. Idan aka ja shi zuwa 1080p domin bidiyon ya samu sunan babban inganci, kowane ɗigo an faɗaɗa shi ninki 1.4, ba a ƙara komai ba sai nauyi. Idan aka ɗora shi yadda yake, YouTube za ta matse shi zuwa 720p, matsewa ƴar kaɗan amma mai ɓata gefen haruffa.

Mafita ita ce a shiga `Display resolution` a Windows a mayar da allon 1280×720 kafin a fara, sannan a sa gurabe biyun OBS a 1280×720. Allon laftof ɗin zai ɗan yi laushi a idon mai naɗa, domin gilashin yana jan hoton ya cika shi. Wannan bai shafi bidiyon ba, saboda OBS tana ɗaukar hoton ne daga cikin kwamfuta kafin ya isa gilashi. Ga kuma abin mamaki: layin Excel mai fiksel 20 cikin 720 daidai yake da 30 cikin 1,080. Wato tsohuwar laftof a wannan saiti tana ba mai kallo girman rubutu iri ɗaya da sabuwa mai 1080p da aka sa a 150%. Na sabuwar zai fi santsin gefe ga wanda ya kalla a 1080p, amma ga wayar da allonta 720 ne, bambancin kaɗan ne ƙwarai.

Sababbin laftof da yawa kuma 1920×1200 suke zuwa da shi, sun fi bidiyo tsayi da fiksel 120. Idan aka tilasta wa hoton shiga faifai mai 1920×1080, zai ragu zuwa kashi 90 cikin 100, baƙin fili ya fito a dama da hagu. Ko dai a mayar da allon 1920×1080 na ɗan lokaci, ko a riƙe `Alt` a ja gefen hoton a OBS a yanke fiksel 120 ɗin daga inda ba a buƙata, kamar sandar ƙasa mai nuna agogo da batir.

Firem 30 ko 60?

Bidiyo hotuna ne da ke wucewa a jere, kowane guda ana kiransa firem. Fim ɗin silima 24 yake nunawa a daƙiƙa. A OBS ana zaɓa ne a gurbin `Common FPS Values`, kuma jarabar zaɓen 60 tana da ƙarfi tunda ita ce babbar lamba.

Amma yawan firem santsin motsi yake ƙarawa, ba kaifin rubutu ba. A darasin haɗa maki, teburin a tsaye yake mafi yawan lokaci, kibiya ce kaɗai ke motsi. Firem 60 a nan yana nufin kwamfuta ta sarrafa ɗigo miliyan 124 a kowace daƙiƙa maimakon miliyan 62, a kan hoton da kusan bai canza ba. Shawarar da YouTube ke bai wa masu ɗora bidiyon 1080p ita ce megabit 8 a daƙiƙa ga mai firem 30, da megabit 12 ga mai 60. A darasin minti 10, wannan ya kama megabait 600 da kuma 900. Bidiyon allo maras yawan motsi yakan fito ƙasa da haka sosai, amma lissafin ya nuna inda nauyin ke karkata. Sannan YouTube daga 720p zuwa sama take nuna firem 60. Ɗalibar da ke kallo a 360p ko 480p ba za ta taɓa ganinsa ba.

Inda 60 ke da amfani shi ne darasin da motsin kansa ne abin koyarwa: wasan kwamfuta, haɗa zane mai motsi, ko nuna yadda wani shafi ke sulɓewa. In ba haka ba, 30 ya wadatar.

Me zai hana a sauka zuwa 24 ko 25 domin a ƙara rage nauyi? Yawancin allon laftof sau 60 yake sabunta hotonsa a daƙiƙa. Firem 30 yana ɗaukar ɗaya ya bar ɗaya, tazarar daidai take. Firem 25 ba ya raba 60 ba tare da ragowa ba, sai tazarar ta zama wani lokaci biyu wani lokaci uku, kibiya ta riƙa tafiya kamar mai ɗingishi. Idan kwamfutar ta gaza ɗaukar 30, gara a gwada 20, wanda yake raba 60 daidai.

Ga mai sa fuskarsa a kusurwar bidiyo akwai wani ƙaramin abu. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Ghana sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, kuma wasu fitilu suna bin wannan kaɗawa. Idan kyamarar tana kan 60, sai a ga ratsi-ratsi masu duhu suna bin fuskar. Ba a canza firem ɗin bidiyo saboda haka. A cikin saitin kyamarar ake mayar da gurbin hana ƙyaftawa zuwa 50 Hz.

Yadda ake gane an ɗora wa kwamfuta abin da ya fi ƙarfinta shi ne a buɗe `View > Stats` a lokacin gwaji. Idan lambar da ke gaban `Skipped frames due to encoding lag` tana hawa, ko gargaɗin `Encoding overloaded!` ya fito a ƙasa, to firem suna zubewa. A bidiyon za a ga kibiya ta tsaya cak sannan ta bayyana a wani wuri, ɗaliba ba ta ga maɓallin da aka danna ba. Magani na farko shi ne saukowa daga 60 zuwa 30. Na biyu shi ne a mayar da aikin matse bidiyo hannun sashen hoto na kwamfutar, ta hanyar zaɓen wanda sunansa ya fara da `Hardware` maimakon `Software (x264)` a cikin `Settings > Output`. Kuma gwajin da aka yi da caja a jiki ba ya nuna abin da zai faru a kan batir, domin laftof da yawa suna rage wa kansu gudu da zarar wuta ta ɗauke.

Matsewar fayil da hanyar isa ga mai kallo

Da za a ajiye hoton 1080p mai firem 30 ɗanye yadda yake, minti ɗaya zai ci sama da gigabait 5. Don haka dole a matse, kuma dabarar matsewar ita ce a adana abin da ya canza kawai daga firem zuwa firem. Shi ya sa teburin da ke tsaye yake fita tsaf, amma da zarar malami ya gangara da shafi da sauri, kowane ɗigo ya canza wuri, rubutun ya dagule na ɗan lokaci kafin ya dawo. Malamin da ya san haka yakan gangara a hankali, ya tsaya daƙiƙa biyu kafin ya ci gaba da bayani.

A cikin `Settings > Output`, gurbin `Recording Quality` ne ke iko da wannan. Zaɓin `Same as stream` yana ɗaure bidiyon da ƙayyadadden adadin data a daƙiƙa, wanda aka tsara domin watsa shiri kai tsaye, kuma a lokacin gangarawa adadin ba ya isa. `High Quality, Medium File Size` yana barin adadin ya hau idan hoto ya motsa, ya sauka idan ya tsaya, kuma shi ne ya dace da yawancin darussa. Wanda zai tace bidiyon ya sake fitar da shi zai iya hawa zuwa `Indistinguishable Quality, Large File Size`, tunda kowace fitarwa sabuwar matsewa ce. A wajen fitarwar ma, girma da firem su kasance daidai da na naɗa.

Launi ma yana da nasa tarko. Tsarin bidiyo na yau da kullum yana adana haske da duhu ɗigo bayan ɗigo, amma launi a dunƙule yake adana shi, guda ɗaya ga kowane ɗigo huɗu. Baƙin rubutu a kan fari bambancin haske ne, yana tsira. Siririn jan rubutu a kan shuɗi ko baƙi kuwa ya dogara ne da launi, sai gefensa ya jiƙe. Malamin da ke son nuna makin da ya faɗi da ja, gara ya kaurara rubutun ko ya cika akwatin da launi mai haske ya bar lambar baƙa.

A gurbin `Recording Format`, MKV ya fi aminci a inda wuta ba ta da tabbas. Fayil ɗin MP4 na gargajiya sai a ƙarshen naɗa ake rufe shi da bayanan da ke sa ya buɗe, don haka idan batir ya mutu a minti na 38, duk darasin zai iya tafiya. MKV yana riƙe abin da aka riga aka naɗa. Daga baya `File > Remux Recordings` yana mayar da shi MP4 cikin ɗan lokaci ba tare da taɓa ingancinsa ba.

Saura hanyar aikawa. WhatsApp tana sake matse duk bidiyon da aka tura a matsayin bidiyo. Tun 2023 akwai maɓallin HD da ke rage ɓarnar, amma wanda yake son fayil ya isa yadda ya bar hannunsa sai ya tura shi a matsayin `Document`, hanyar da ke ɗaukar har gigabait 2, sai dai mai karɓa zai biya datar nauyin gaba ɗaya. A YouTube kuma ƙananan inganci ne ke fara fitowa bayan ɗorawa, 1080p ya biyo baya. Wanda ya raba adireshin bidiyo a mintin da ya gama ɗorawa, ɗalibansa na farko za su iya tarar da mai dishi-dishin ne kawai.

Kafin malamin nan mai makin ɗalibai 40 ya zauna naɗar darasin minti 10, abin da ya fi masa shi ne ya naɗi daƙiƙa 30: ya rubuta fomula ɗaya, ya buɗe akwatin zaɓi ɗaya, ya gangara sau ɗaya. Ya danna dama a kan fayil ɗin, ya duba `Properties > Details` ya tabbatar `Frame width` 1920 ne, `Frame height` 1080, `Frame rate` kuma 30. Sannan ya bi da shi ta ainihin hanyar da zai bi zuwa ga ɗalibai, ko WhatsApp ko YouTube a matsayin `Unlisted`, ya sauke ingancin zuwa 360p, ya miƙa wayar mafi ƙanƙanta a gidan ga wanda bai san abin da aka rubuta ba, ya ce ya karanto masa fomular da baki. Idan ya yi tuntuɓe a kan harafi ko ɗaya, a koma `Scale` a ƙara mataki guda, a sake gwadawa.